Tallan man leɓe da man jiki a lokacin hunturu: wane alkawari ya kamata a rubuta?

Mai Man Kaɗe, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Ina haɗa kaya iri biyu a gida: man leɓe na ƙaramin gwangwani mai giram 10, wanda nake yi da man kaɗe da kakin zuma da ɗan basilin, da kuma man jiki na roba mai giram 200, wanda man kaɗe ne da aka buga shi da man kwakwa har ya yi laushi. Tunda sanyi ya fara shigowa na rubuta tallan da zan riƙa sawa a WhatsApp, kuma ina da niyyar kai shi gidan rediyo idan ya tsaru. Ga abin da na rubuta:

"Hunturu ya shigo! Ki rabu da bushewar fata har abada. Manmu na asali yana maganin faso, da kaushi, da fashewar leɓe, da ƙyasbi, da ƙuraje cikin kwana uku, yana kuma sa fata haske da sheƙi. Saya ki gwada, ba za ki yi nadama ba."

Mutane suna gani suna wucewa, masu tambayar kuɗinsa ma ba su da yawa. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su duba mini inda gyara yake.

Ɗan Kasuwa, Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a ganina rubutun bai da laifi, abin da ya rasa kawai shi ne farashi da garaɓasa. Mutanenmu ba sa tsayawa karanta bayani, abin da ke tsayar da su shi ne su ga an ce a sayi biyu a ƙara ɗaya. Ki sa kuɗin da manyan baƙaƙe a sama, ki ƙara cewa rangwamen na mako ɗaya ne kawai, za ki ga an fara kira. Maganar kwana uku kuma kada ki cire ta, domin duk wanda ƙafarsa ta tsage so yake a gaya masa ranar da zai huta.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
'Yata, Allah ya sa wa sana'a albarka. Alhaji ya yi gaskiya a kan farashi, domin tallan da ba a faɗi kuɗi ba yana tilasta wa mai sha'awa ya yi tambaya, kuma da yawa kunyar tambayar ce ke hana su saye. Amma ban yarda cewa rubutun bai da laifi ba, kuma babban laifinsa shi ne za a iya ɗaukar sa a liƙa a kan kowane mai da ke kanti, a kowane wata na shekara, in ban da kalmar hunturu da ke farkonsa. Kin lissafa cututtuka biyar a jimla ɗaya, to wanda leɓensa ya tsage bai ga kansa a ciki ba, domin an haɗa shi da mai ƙyasbi da mai ƙuraje, kuma ya saba jin irin wannan lissafi daga bakin masu tallan magani a mota.

Abin da ke tsayar da mai karatu shi ne ya ga an ambaci lokacin da abin ke damunsa da kuma wurin da yake damunsa a jiki. Ki tuna yadda ranar mutumin Katsina take a watan Disamba ko Janairu. Ya tashi da asuba ya taɓa ruwan buta kamar ƙanƙara, ya yi alwala, kafin ya dawo daga masallaci bayan hannunsa ya yi fari, leɓensa ya ɗaure, idan ya yi dariya ko hamma sai ya ji ya tsage. Yara sun fita makaranta da ƙarfe bakwai cikin hazo, kumatunsu sun yi kaushi. Da rana sanyin ya tafi amma iskar ba ta bar busar da mutum ba. Da dare kuma dunduniya tana kama zanin gado saboda faso. Waɗannan lokuta huɗu ne daban, kuma kowanne talla ne mai zaman kansa. Shawarata ta farko ita ce ki raba kayan: man leɓe da tallansa, man jiki da nasa, kada talla ɗaya ya ɗauki fiye da matsala ɗaya.

Mai Harhaɗa Magunguna, Ƙofar Kaura:
Baba ya taɓo gefen rubutu, ni kuma zan yi magana a kan alkawuran da ke ciki, domin uku daga cikinsu man ba zai iya cika su ba. Ƙyasbi ƙwayar cuta ce irin ta naman gwari da ke zama a fata, man kaɗe ba ya kashe ta, sai maganinta na musamman. Ƙurajen fuska kuwa mai mai nauyi yana iya ƙara su ga wanda fatarsa ke da maiƙo tun asali. Sai kuma "har abada", wanda iskar gobe da safe kaɗai ta isa ta ƙaryata shi.

Yana da kyau Hajiya ta san ainihin aikin da kayanta ke yi, domin daga nan tallan gaskiya zai fito. Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, ta kan hamada, tana ɗauke da ƙura mai laushi wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, kuma ba ta da laima ko kaɗan. A tsakiyar lokacin, damshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a wannan yanki namu. Iskar da ta bushe haka tana janye ruwan da ke saman fata, sai fatar ta ƙanƙance ta tsage a inda take lanƙwasa ko take ɗaukar nauyi, wato leɓe, da gaɓoɓin yatsu, da dunduniya. Basilin da kakin zuma da man kaɗe ba sa zuba wa fata ruwa, aikinsu shi ne su rufe ruwan da ke cikinta kada ya gudu, kamar faifai a bakin randa: idan randar babu ruwa, rufe ta ba ya ƙara komai. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya shafa mai a busasshiyar fata da tsakar rana yake cewa man bai yi ba, alhali wanda ya shafa shi da zarar ya fito wanka, jiki da sauran danshi, yake yabon sa, kuma mai ɗaya ne suka saya.

Saboda haka jimlar da ta fi kowace daraja a tallanki ita ce wadda ke gaya wa mai saye lokacin shafawa. Ba ta cin kuɗi, kuma ita ce ke sa ya ga amfanin kayan ya dawo.

Hajiya daga Daura:
Ni dai tunda na ga ana maganar haɗin mai, ina son a taimaka mini. Jikokina uku ne a hannuna, ƙaramar cikinsu duk hunturu sai kumatunta sun fashe, hancinta kuma yana haɓo da dare. Na sayi gilisarin na kwalba ina shafa mata zallansa kamar yadda wata maƙwabciya ta ce, amma sai ta riƙa kuka tana cewa yana mata zafi, fatar kuma sai ta yi danƙo. Shin man Hajiya zai tsayar da haɓon, kuma cokali nawa na gilisarin ake zubawa a ciki?

Mai Harhaɗa Magunguna, Ƙofar Kaura:
Mama, maganar da ake yi a kan rubutun talla ne, amma tambayarki ta shafe shi, don haka zan amsa a taƙaice. Gilisarin jawo ruwa yake yi zuwa saman fata, shi ya sa ba a shafa shi zalla a irin wannan iska. Ana sirka shi da ruwa sosai, a shafa a fata mai danshi, sannan a bi shi da basilin ko man kaɗe a rufe. A fatar da ta riga ta tsage kuwa yana iya yin zafi, gara ki bar shi ki yi amfani da basilin marar turare har wurin ya haɗe. Haɓo yana yawaita a hunturu saboda cikin hanci ma yana bushewa, amma yarinyar da take yin sa dare bayan dare asibiti ya kamata a kai ta a duba, ba man shafawa za a dogara da shi ba. Hajiya mai talla kuma ki lura da wannan tambaya da kyau, domin irinta za ki riƙa samu. Idan tallanki ya ce "magani", uwa za ta kawo miki ciwon da ba na mai ba ne, ta kuma jinkirta zuwa asibiti saboda ke.

Mai Man Kaɗe, Ƙofar Marusa:
Na gode Baba, na gode Yaya. Na cire ƙyasbi da ƙuraje da "har abada", na kuma raba su biyu. Ga na leɓe yadda ya koma:

"Leɓenki yana tsagewa da sanyin asuba? Man leɓenmu na man kaɗe da kakin zuma yana laushi yana kare leɓe daga iskar hunturu. Shafa bayan alwala da kafin barci. Gwangwani naira 500."

Amma ina jin tsoron cire maganar haske daga na jiki, saboda yawancin matan da ke turo mini saƙo tambayarsu ta farko ke nan, ko yana ƙara haske. Idan ban sa ba, ina ganin za su wuce wurin wata.

Ɗan Kasuwa, Babbar Kasuwa:
Abin da nake faɗa ke nan. A shagona duk man da ba a rubuta haske a jikinsa ba yana daɗewa a kan kanta. Ba sai kin ce yana bilicin ba, ki ce kawai yana fito da haske, kowa zai fahimta yadda yake so. Talla ai ba huɗuba ba ce, kasuwa ake nema.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Alhaji, "kowa zai fahimta yadda yake so" shi ne ainihin abin da nake gudar mata. Matar da ta fahimci bilicin ta saya, bayan wata ɗaya za ta ga launinta yana nan yadda Allah ya yi shi, sai ta gaya wa matan gidansu da na makarantar Islamiyyarsu cewa man ƙarya ne. Kai kana da shago a kasuwa mai baƙi daga Jibiya da Mashi da Dutsin-Ma, wanda ya saya yau wataƙila ba za ka sake ganin sa ba. Ita kuwa a unguwa take sayarwa, ga mutanen da za ta haɗu da su a gidan suna da gidan biki, cinikinta duka a kan masu dawowa yake.

Kuma akwai abin gaskiya da za ta faɗa a wurin nan wanda ya fi haske ƙarfi a wannan lokaci. Abin da ke damun mutane a hunturu shi ne fatar ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka, ƙauri da gwiwar hannu su yi fari, mace ta sa atamfa mai kyau amma ƙafarta ta ba ta kunya. Idan aka shafa mai wannan farin yana gushewa nan take, launin mutum na asali ya dawo. To ta rubuta hakan kai tsaye: "Yana gusar da farin hunturu, fatarki ta koma launinta." Wannan alkawari ne da mai saye za ta gani da idonta a minti ɗaya, ba wanda zai zo ya ƙi shi.

Mai Harhaɗa Magunguna, Ƙofar Kaura:
Ina goyon bayan Baba, kuma akwai gefen doka. Hukumar NAFDAC ce ke yi wa kayan shafe-shafe rajista a Najeriya, tana kuma sa ido a kan abin da ake faɗa a tallansu, kuma mayukan bilicin suna cikin abin da ta fi matsa wa lamba saboda sinadarai masu cutarwa da ake samu a wasunsu. Da zarar ka ce kayanka yana warkar da cuta, ka fitar da shi daga sahun man shafawa ka shigar da shi sahun magani, wanda sharuɗɗansa daban ne. Ga kuma hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, wadda dokar shekarar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar APCON, kuma doka ta ce a tantance talla kafin a yaɗa shi. Saboda haka kafin Hajiya ta biya kuɗin rediyo, ta fara neman rajistar kayanta, ta kuma tambayi sashen talla na gidan rediyon takardun da za su buƙata. Kalmomin da za ta tsaya a kansu su ne yana laushi, yana karewa, yana rage bushewa, yana gusar da fari. Waɗanda za ta guje wa su ne yana magani, yana warkarwa, da sa adadin kwanaki.

A kan kwana ukun da Alhaji yake so a bari a cikin tallan: leɓen da ya ɗan bushe yana iya yin laushi cikin 'yan kwanaki idan mutum ya daina lasar sa, amma faso mai zurfi a dunduniyar da ta yi kauri yana ɗaukar makonni, sai an riƙa jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goge kaushin da dutse a hankali, a cika mai, a sa safa a kwana. Mai ciwon sukari kuma ba ya wasa da tsagewar ƙafa, likita ya kamata ya gani. Babu adadin kwana ɗaya da zai dace da waɗannan mutane duka.

Ɗan Acaba, Ƙofar Guga:
Ku gafarce ni iyayena, ina bin maganar tun ɗazu kuma ina da ƙorafi biyu a matsayina na mai saye. Na farko, duk tallan "ki" yake cewa, alhali mu da muke kan babur tun daga fitowar rana, da masu faci, da masu tura baro, da 'yan garuwa da hannunsu ba ya rabuwa da ruwa, mu ne leɓenmu ke fashewa har ya yi jini. Namiji ba zai sayi abin da ya ga kamar jan baki ne na mata ba. Na biyu kuma shi ne ya fi muhimmanci: dalilin da ya sa da yawanmu ba ma shafa basilin da safe shi ne yana kama ƙura. Idan na shafa na bi hanyar Jibiya ko ta Daura, kafin hantsi fuskata da ƙafata sun yi ja da ƙasa, leɓena har gara-gara nake ji. Ban taɓa ganin tallan da ya amsa wannan ba, kowa cewa yake mansa yana kare mutum daga ƙura, mu kuma mun san tara ta yake yi.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Ɗana, ka kawo abin da ya fi duk wanda muka faɗa amfani, domin kai ne ka faɗi dalilin da ke hana mutum saye bayan ya yarda yana da matsalar. Tallan da ya yi shiru a kan wannan ya bar mai karatu da musunsa a zuciya. Ƙura ba a yi mata alkawarin tsarewa, rawani da takunkumi da mayafi ne ke tare ta. Abin da mai talla zai yi shi ne ya nuna ya san matsalar, ya kuma faɗi yadda ake rage ta. Bari in gwada rubuta na maza, Malama mai magunguna ta duba idan na zarce:

"Mai fita da sassafe, iskar hunturu ta tsaga maka leɓe? Kada ka lasa, lasa ƙara busar da shi take yi. Ka ɗan jiƙa leɓen, ka shafa kaɗan da kan yatsa, kaɗan ɗin ya isa kuma ba ya tara ƙura kamar mai yawa. Da dare ka wanke ka shafa sosai. Babu launi, babu turare, yana shiga aljihun riga. Naira 500."

Ku lura da abin da na yi. Jimlar farko ta kira mutumin da lokacinsa, ta biyu ta ba shi wani amfani kyauta ko da bai saya ba, ta uku ta amsa ƙorafin ƙura ba tare da ƙarya ba, sannan "babu launi, babu turare" ta cire masa kunyar da ɗana ya ambata. Ban yabi man da kalma ɗaya ba, ban ce na asali ne ko babu kamarsa ba, domin waɗannan kowa yana faɗa kuma kunne ya daina jin su.

Mai Harhaɗa Magunguna, Ƙofar Kaura:
Baba bai zarce ba. Maganar lasa gaskiya ce: fatar leɓe siririya ce kuma ba ta fitar da maiƙonta kamar sauran fata, miyau kuma yana bushewa da sauri ya tafi da ɗan danshin da ke nan. Rabon da ya yi ma daidai ne, kaɗan da safe, mai yawa da dare lokacin da babu ƙurar hanya. Sharaɗi ɗaya ne: Hajiya ta tabbata babu turaren a ciki kafin ta rubuta, kuma ina ba ta shawara kada ta ƙara mantileta ko kafur don a ji sanyi-sanyi, domin a leɓen da ya tsage zafi suke yi kuma suna iya ƙara fusata wurin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wani mai ba ya kama ƙura sam. Mai kakin zuma ya fi basilin zalla rashin danƙo, amma duk abin da ke da maiƙo yana riƙe ƙura ko yaya.

Malamin Islamiyya, Rafindadi:
Ina da tsokaci a kan "shafa bayan alwala" da ke cikin tallan Hajiya. Na ji daɗin da ta ce bayan alwala ba kafinta ba, domin mutane suna yawan tambaya a wannan lokaci ko man da ya daskare a ƙafa yana hana ruwa taɓa fata. Malamai suna bambanta tsakanin maiƙon da ya shige fata ya bar alama kawai da kuma wanda ya yi kauri ya zauna a kanta, kuma hukuncin kowane hali wurin malamin da mutum ya amince da shi ake nema. Roƙona shi ne kada a rubuta a talla cewa "ba ya hana alwala", domin wannan fatawa ce, kuma mai sayar da kaya yana da maslaha a cikin amsar. Ta tsaya a kan lokacin shafawa kawai. Sannan ban so a riƙa sa sunan salla ko masallaci don jan ciniki ba. Ambaton alwala a matsayin lokaci ya wadatar.

Ɗan Kasuwa, Babbar Kasuwa:
Na karɓi maganar ƙura da ta maza, wannan kasuwa ce da ban yi tunanin ta ba, kuma gwangwanin aljihu zai tafi a tashar mota da wurin masu shayi. Amma har yanzu ina kan bakana cewa tallan Baba ya yi tsawo. Mai duba WhatsApp yatsansa na kan allo, daƙiƙa biyu yake ba ka. Kuma ban ga dalilin da zai hana a sa rangwame ba, tunda ba ƙarya ba ce.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Ba abin da zai hana, Alhaji, in dai rangwamen gaskiya ne kuma ranar ƙarewarsa ta gaskiya ce. Wanda ake cewa na mako ɗaya ne amma ya kai har azumi, shi ne ke zubar da mutuncin magana. Ni da zan zaɓa, gara ta haɗa robar man jiki da gwangwanin leɓe biyu a kuɗi ɗaya ta kira shi na gida, domin uwa ɗaya ce ke saya wa miji da yara, kuma gwangwanin da ya shiga jakar makaranta ba ya dawowa ɗaki. A kan tsawo kuma kana da rabin gaskiya. A kan hoto, jimla biyu da farashi sun isa, sauran bayanin ya zama saƙo na biyu ko muryar da za ta ɗauka da bakinta, domin da yawa daga masu sayen nata sun fi sauraro a kan karatu. A rediyo kuwa daƙiƙa 30 tana ɗaukar kalma 70 ko kusa da haka idan mai karantawa bai yi gaggawa ba, kuma dole sunan kayan da wurin samunsa su fito sau biyu, don haka abin da na rubuta sai an rage shi kafin ya shiga.

Ga na man jiki yadda nake ganin sa, an gina shi a kan safiyar makaranta:

"Yara sun yi wanka da ruwan ɗumi, kafin su sa kayan makaranta ƙafa ta yi fari? Ki shafa musu man kaɗenmu tun jiki bai gama bushewa ba. Idan sanyi ya sandarar da shi, ki murza a tafin hannu, zai narke. Yana gusar da farin hunturu, yana laushi. Roba mai giram 200, naira kaza."

Na sa maganar sandarewa da gangan. Man kaɗe yana tauri a sanyin Disamba, ɗumin jiki ne ke narkar da shi, kuma wadda ba ta sani ba tana buɗe roba da asuba ta ga ya yi kamar sabulu sai ta zaci tsohon kaya aka ba ta. Jimla ɗaya ta rufe wannan ƙorafi kafin ya taso. Lokacin sawa kuma shi ma aiki ne: na safiya ta sa shi bayan asuba lokacin da uwa ke fama da yara, na faso ta sa shi bayan isha'i. Ta fara tun Nuwamba, ta ƙarfafa a Disamba da Janairu, idan zafi ya fara kamawa wajen Maris ta janye maganar sanyi gaba ɗaya.

Hajiya daga Daura:
Na gode 'yata mai magunguna, zan kai yarinyar asibiti in Allah ya kai mu gobe. Ni ma a matsayin mai saye, abin da ke sa in yarda da talla shi ne hoton ƙafa kafin shafawa da bayansa. Me ya sa ba wanda ya ambaci wannan?

Mai Man Kaɗe, Ƙofar Marusa:
Mama, na yi tunanin sa, amma hotunan da nake gani a wurin wasu duk ɗauko su ake yi daga intanet, har ƙafar Bature na taɓa gani a tallan man faso. Ina da wata mai saye da ta ce ta yarda a ɗauki dunduniyarta ba tare da fuska ba. Abin da ban sani ba shi ne ko hoton ba zai zama irin alkawarin warkarwa da Yaya ta hana ba, tunda ita matar ta haɗa da jiƙa ƙafa da dutse da safa kusan wata guda.

Mai Harhaɗa Magunguna, Ƙofar Kaura:
Zai zama alkawari idan kin sa hoton shi kaɗai, domin mai kallo man zai ba wa ladan duka. Ni da kin bi ta tawa, da kin bar shi har rajistarki ta fito, ki kuma tambayi hukumar ko za ta amince da shi.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
A nan na ɗan saɓa da Malama. Ina ganin hoton gaskiya da aka rubuta a ƙarƙashinsa duk abin da matar ta yi, jiƙawa da gogewa da safa da tsawon lokacin, koyarwa ce kafin ya zama talla, kuma ya fi hoton sata da ya cika gari. Amma ita ce ta san dokar fiye da ni, don haka a yanzu ki fara da rubutun uku da muka gyara. Ki sa na maza da na mata a ranaku daban, ki riƙa rubuta a littafi wanda ya kawo tambaya da wanda ya kawo ciniki, domin ba kullum suke zama ɗaya ba, bayan mako biyu ki kawo mana lissafin mu ga ko ni ne da gaskiya a kan tsawo ko Alhaji.

Ɗan Acaba, Ƙofar Guga:
Hajiya, idan za ki buga na maza, ki duba murfin gwangwanin tukuna. Wanda ake ɓantarewa da farce yana wahalar buɗewa da yatsun da sanyi ya sandarar, kuma yana buɗewa da kansa a aljihu ya ɓata riga idan rana ta yi. In kin samu mai murɗawa, ki rubuta hakan a tallan, zan kai wa abokan aikina na bakin tasha su gani.